Cokalin mai da tafin gyaɗa: yadda ramamme zai ciko a hankali

Ɗan yayata ne, shekararsa 24. Da damina yana noman masara a wajen Tudun Wada, da rani kuma yana dakon buhunan shinkafa a wurin masu injin casa. Tun yana yaro 'yan uwansa suke ce masa tsinke, har ya daina jin haushi. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne maganar aure da ta taso, ya kai ɗinki, tela ya zagaya ƙugunsa da tef ya yi dariya. Bayan kwana biyu sai ga shi a zaurena da ƙullin ƙwayoyi a leda, wasu farare ƙanana, wasu masu ruwan ƙwai.

"Kawu, an ce idan na sha wannan sati uku sai an kasa gane ni."

Na ce masa gaskiya aka gaya masa, za a kasa gane shi, amma ba irin yadda yake so ba. Na karɓe ledar, na ce ya ba ni wata shida. Abin da muka yi a cikin watannin nan shi ne zan shimfiɗa a nan, da lissafinsa, domin duk abin da muka yi amfani da shi akwai shi a kasuwar Kwanar Ɗangora da shagon kowane ƙauye daga Bebeji har Riruwai.

Sikeli da tef kafin cokali

Ido ba ya auna rama. Akwai mai siririn jiki na halitta wanda nauyinsa daidai yake da tsawonsa, ba abin da yake bukata sai a ƙyale shi. Don haka aikin farko shi ne a hau sikeli, a kuma tsaya jikin bango ba takalmi a auna tsawo. Sai a yi lissafin da ma'aikatan lafiya ke yi: a ninka tsawo da kansa, a mita, sannan a raba nauyi da abin da ya fito. Yaron nan kilo 50 ne cif, tsawonsa mita 1.72. Idan aka ninka 1.72 da 1.72 za a samu 2.96, idan aka raba 50 da 2.96 za a samu kusan 16.9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a 18.5, duk baligin da ya gaza nan nauyinsa bai kai ba. Wanda ya gaza 16 kuwa ramarsa ta yi tsanani.

Wannan lissafin ya ba mu wurin zuwa. Kafin ya kai 18.5 sai ya zama kusan kilo 55. Idan ya kai 59 ya kusa 20, inda mutum ke da ɗan abin da zai jure zazzaɓi ko wahalar damina ba tare da ya koma gidan jiya ba. Kilo biyar muke nema da farko ke nan, ba ashirin ba.

Amma kafin a ƙara masa ko loma ɗaya sai da na yi masa tambayar da ta fi kowace nauyi: haka kake tun asali, ko kwanan nan ka zube? Wanda ya rame ba dalili, ya rasa kilo uku cikin sittin a 'yan watanni, shi asibiti zai fara zuwa. Tarin da ya wuce mako biyu tare da zufar dare da zazzaɓin yamma, a yi gwajin majina na tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke kula da cutar. Yawan fitsari da ƙishirwa ga ci kamar gara amma jiki na zubewa, a duba suga. Bugun zuciya da rawar hannu da rashin jure zafi, a duba maƙoshi. Gudawar da ta ƙi tsayawa, ko ƙuraje a baki, a yi gwajin jini har da na cuta mai karya garkuwar jiki, ba abin kunya ba ne. A ƙasarmu kuma akwai abu biyu da ake mantawa: tsutsar ciki, da tsargiya ga masu wanka da kamun kifi da aikin ban-ruwa a bakin madatsar Tiga da magudananta. Wanda ke ganin jini a ƙarshen fitsarinsa ya faɗa wa ma'aikacin lafiya, maganinta ba wuya. Ciyar da mutumin da ɗaya daga cikin waɗannan ke cinsa ɗiban ruwa ne da kwando.

Haka wanda lissafinsa ya gaza 16, ko wanda ya yi kwanaki ba ya cin abin kirki saboda jinya, kada a ɗura masa abinci a gida da sunan tausayi. Jikin da ya daɗe da yunwa idan aka cika shi farat ɗaya, gishirin da ke cikin jini yakan rikice har ya taɓa zuciya. Irin wannan a gaban likita ake fara ciyar da shi, kaɗan-kaɗan. Yara ƙanana masu tamowa su ma hanyarsu daban ce, wannan jagora ta manya ce.

Ɗan yayata ya je asibitin ƙaramar hukuma, aka duba shi, aka ba shi maganin tsutsa, aka ce ba komai. Ramarsa ta aiki ce da ƙarancin ci.

Inda lissafin yake

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki, kamar yadda lita take ga fetur. Ba sai ka san adadin da kake ci a rana ba. Idan nauyinka ya daɗe a wuri ɗaya, to abin da ke shiga daidai yake da abin da ke ƙonewa. Abin da ake bukata shi ne rara: ka ci gaba da cin duk abin da ka saba, ka ɗora kalori 300 zuwa 500 a kai kowace rana. Kilo ɗaya na jiki yana cin kimanin kalori 7,700 na rara kafin ya taru. Rarar 500 a rana ta zama 3,500 a mako, wato ɗan ƙasa da rabin kilo. A aikace abin da ake gani kwata ne zuwa rabin kilo a mako, kilo ɗaya zuwa biyu a wata. Duk wanda ya yi maka alkawarin fiye da haka, ruwa zai tara maka a jiki.

To me ya sa mutum zai ce yana ci har ya ƙoshi amma ba ya ƙiba? Yaron nan ma haka ya ce. "Wallahi Kawu ina cin tuwo malmala biyu." Na yarda. Matsalar tana cikin tukunyar kanta. Tuwo kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne. Koko ya fi shi, kofi guda na koko tsararo gasarar da ke ciki ba ta wuce cokali uku zuwa huɗu ba, kalori 120 ko kusa da haka. Miyar kuka da aka kaɗa da ɗigon mai ba ta ƙara wani abin a zo a gani. Ciki ya cika dam, mutum ya tashi yana gyatsa, amma abin da ya shiga bai taka kara ya karya ba. Ga shi kuma mai ramar nan yawanci cikinsa ba ya ɗaukar da yawa, ana ce masa ƙara sai ya ji kamar zai amayar.

Yanzu kwatanta da mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ko man shanu kalori 120 ne ko kusa, daidai da kofin kokon nan gaba ɗaya, kuma ba ya cin wuri a ciki. Dalili shi ne giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na hatsi ko suga kuwa 4. Gyaɗa kusan rabinta mai ne, shi ya sa cikin tafin hannu ɗaya na soyayyiya, kamar giram 30, yake ba da 170. Riɗi ma haka yake. Busasshen dabino manya biyar sun haura 100. Ƙwai ɗaya 70 zuwa 80.

Masana ma a nan suka tsaya. Abincin leda da ake bai wa yara masu tamowa, wanda aka ƙirƙira a Faransa a 1996 kuma aka yi amfani da shi sosai a yunwar Nijar ta 2005, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da mai da suga da garin madara, aka ƙara masa sinadaran gina jiki. Leda ɗaya giram 92 ce, kalori 500. Na kawo shi ne don a ga dabarar, ba don a saya ba. Babban da ya sayi wannan leda a kasuwa yana lasa, daga bakin yaro marar lafiya aka sato masa ita, alhali abin da ke ciki yana nan a buhun gyaɗar ɗakin uwarsa.

Abin da muka ƙara, mako-mako

Ba mu taɓa tukunyar gida ba. Gidan da ake raba tuwo ga mutum goma sha biyar ba za a yi wa ɗaya girki na musamman ba, kuma duk shirin da ya dogara da haka sati biyu zai yi ya mutu. Abin da muka yi shi ne ya sami kwalbarsa ta man gyaɗa, da robarsa ta markaɗaɗɗiyar gyaɗa, da cokali ɗaya da ba ya canzawa.

Makon farko abu ɗaya kawai ya canza. Kokon safe ya zama kunun gyaɗa: cokali biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa a dama a ciki tun yana da zafi, da cokali ɗaya na suga. Gyaɗar ta ba da kusan 190, sugan 50, jimla 240. A lura, markaɗaɗɗiyar gyaɗa nake nufi da manta a jikinta, ba tunkuza ba. Tunkuza da ƙuli-ƙuli an riga an matse yawancin mansu, suna da amfani wajen gina tsoka, amma wajen kalori ba su kai ta ba.

Mako na biyu sai mai ya shigo. Cokali ɗaya a kan abincin rana, ko garau-garau ne, ko ɗanwake, ko dambu, ko dafaffen dankali, bayan wanda mai abincin ta zuba. Idan tuwo ne, a cikin miyar kwanonsa. An ƙara 120.

Mako na uku ya fara ɗaukar gyaɗa a aljihu, tafi ɗaya tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ba ya cin komai a da. An ƙara 170. Jimlar ƙarin ta zama 530 a rana, kuma ba a ƙara masa ko malmala ɗaya ba.

Dalilin bi a hankali shi ne cikin da bai saba da maiƙo ba idan aka tula masa cokali huɗu rana ɗaya zai amsa da gudawa da tashin zuciya, mutum ya ce abin bai karɓe shi ba ya watsar. Idan bayan gida ya yi laushi ko ciki ya riƙa juyawa, a rage man zuwa rabi na kwana uku sannan a sake hawa.

Akwai tarkon da kusan kowa ke faɗawa, shi ma ya faɗa. A mako na uku na lura yana barin rabin tuwon dare. Gyaɗar da ya koma ci dab da magariba ta toshe masa ciki, abin da ya ƙara da yamma ya rage shi da dare, lissafi ya koma sifiri. Ƙari sai ya zama ƙari, ba musanya ba. Muka mayar da gyaɗar can baya, awa uku kafin tuwo. Muka kuma hana shi cika ciki da ruwa dab da cin abinci, ya sha bayan ya gama. Shayi mai kauri da goro da sigari duk suna kashe sha'awar abinci, wanda ba zai iya bari ba ya jinkirta su zuwa bayan ci.

Awo kuwa sau ɗaya a mako, rana ɗaya, sikeli ɗaya, da safe bayan an zaga kafin a karya, da kaya marasa nauyi. Sikelin yaran da ke yawo da shi a tasha da na kemis da na asibiti sukan saɓa da juna da kilo guda ko fiye, wanda ke tsalle daga wannan zuwa wancan zai rikita kansa a banza. Nauyi kuma yakan yi sama da ƙasa da rabin kilo ko kilo a cikin yini saboda ruwa da abin da ke hanji. Don haka ba a yanke hukunci da awon mako ɗaya, sai an jera uku ko huɗu a takarda.

Da aka yi mako huɗu yana kilo 51 da rabi. A mako na takwas ya kusa 53. Daga nan sai ya tsaya cak, mako uku sikeli bai motsa ba.

Lokacin da sikeli ya tsaya

Ya zo ransa a ɓace, yana cewa jikinsa ne ba ya karɓar ƙiba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. A 1999 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka sun ɗora wa mutum 16 rarar kalori 1,000 kowace rana har mako takwas. Wani kitsen da ya tara bai kai rabin kilo ba, wani ya haura kilo huɗu. Bambancin ya fito ne daga motsin da mutum ke yi bai sani ba: wasu da zarar abinci ya ƙaru sai zirga-zirga da tashi da zama su ƙaru, su ƙone rarar. Masu irin wannan jiki ba hana su ƙiba aka yi ba, rararsu ce sai ta fi ta wasu yawa.

Shi kuma nasa dalilin a fili yake. Mun fara ne da kaka bayan an gama girbi, yana hutawa. A mako na tara casar shinkafa ta kankama, ya koma ɗaukar buhu daga safe har yamma. Aiki mai nauyi irin dako ko huɗa yana iya cin kalori 250 zuwa 300 a awa ga mai jikinsa, awa biyu sun lashe duk abin da muka ƙara. Haka abin yake ga manoma ko'ina. A ƙauyen Keneba na Gambiya, inda aka shafe shekaru da dama ana auna mutane, an ga manya suna zubar da kilo da yawa kowace damina su mayar da shi bayan girbi. Wanda ya san Doguwa a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa ga aikin gona ya yi yawa, ba sai an kai shi Gambiya ba. Saboda haka kaka ce lokacin fara wannan shiri, gyaɗa da waken suya da masara suna araha, jiki kuma ya sami sararin ajiya.

Dokar ita ce: idan mako biyu zuwa uku suka wuce ba ƙari, a ɗora wani 200 zuwa 300. Muka kawo fura da nono bayan isha, abin sha ya fi sauƙin shiga cikin da ya riga ya ƙoshi. A nan sai an kula da irin nonon. Tsala an kaɗe mansa an ƙara masa ruwa, ɗanɗano ne kawai da tsami. Kindirmo ake nema, mai kauri da mansa. Kofi guda na kindirmo da curin fura madaidaici da ɗan suga suna kaiwa 300 zuwa 350. Matan Fulanin da ke fitowa daga rugagen gefen dajin Falgore suna kawo duka biyun, ka tambaya ka kuma duba da ludayi. Wanda madara ke sa wa kumburin ciki yawanci kindirmo ba ya damunsa sosai. Ɗanyar madarar da aka tatso yanzu kuwa sai an tafasa ta, domin ana ɗaukar cuta daga shanu ta wannan hanya.

Ranar da ba nono, akwai garin da yayata ta haɗa masa, kuma shi ne abin da na fi so a duk shirin. Gwangwani uku na gero ko masara, ɗaya na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Waken suyar a jiƙa shi ya kwana, a murje ɓawon, a tafasa shi kamar minti ashirin zuwa talatin, a shanya ya bushe ƙarau, sannan a soya shi sama-sama har ya yi ƙamshi. Wannan wahalar ba ta ado ba ce, waken suyar da bai ji wuta ba yana hana jiki narkar da abin gina jikin da ke cikinsa, ga kumburin ciki. Hatsin a wanke a shanya a ɗan soya, gyaɗar a soya a murje. A haɗa a kai inji. Kada a zarce da gyaɗa, garin zai dunƙule ya liƙe a injin. Cokali huɗu masu tozo sun kai kalori 200, idan aka dama aka sa cokalin mai da na suga an haura 350 a kofi ɗaya. A yi na mako biyu zuwa uku kawai a rufe a roba, saboda man da ke ciki yakan sa shi ya yi ɗaci idan ya daɗe.

Kunun nan yakan yi kauri har ya gundiri mai sha, kuma idan aka tsinka shi da ruwa an koma matsalar koko. Maganin yana hannun masu kunun zaƙi tun kaka da kakanni: garin tsiro. A jiƙa dawa ko gero, a rufe da jiƙaƙƙen buhu kwana biyu zuwa uku har ya fito da tsiro, a shanya a niƙa. Idan an sauke kunu mai kauri ya ɗan huce yadda za a iya sa yatsa a cire da sauri, a barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya a juya. Cikin 'yan mintuna zai saki ya zama ruwa-ruwa, alhali garin da ke ciki bai ragu ba. Sai a mayar wuta ya tafasa sau ɗaya a sha. Kofi ɗaya ya ɗauki abin da da sai kofi biyu.

Gyaɗa da masara suna da aibi guda da ya kamata mai cin su kullum ya sani. Idan aka adana su da danshi sukan yi fumfuna, fumfunar kuma tana barin guba mai lalata hanta, wadda suya ba ta kashe ta. A tsince duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta canza launi, ko ta yi ɗaci, a zubar. Gyaɗar da ta fi kowace araha a kasuwa sau da yawa ita ce tsintattar da wani ya ƙi. Gara ka sayi tsaba mai kyau ka soya ka kai markaɗe da kanka.

Tsoka ko tumbi

Mai da suga kaɗai za su ƙara nauyi, amma a ciki zai taru, a sami mutum da siraran hannuwa da tumbi a gaba. Don jiki ya murje sai an haɗa da abincin da ke gina tsoka, da aikin da zai sa tsokar ta nemi girma. Mai kilo 50 yana bukatar kamar giram 60 zuwa 80 na furotin a rana. Ba sai da tsire ba. Wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshensa furotin ne, waken suya ya haura kashi ɗaya cikin uku, ƙwai ɗaya giram 6. Wanda ya sami ƙosai ko alale da safe, garau-garau mai wake sosai da rana, awara biyar ko shida da yamma, ga ƙuli a kwaɗon zogale, ga kindirmo, ya kai ba tare da ya ga nama ba. Ƙananan busassun kifin Tiga da ake dakawa a zuba a miya sun fi nama araha nesa ba kusa ba. Ƙwai a dafa shi ko a soya. Al'adar fasa ɗanye a cikin lemon malti da madarar gwangwani ba ta da wata fa'ida, jiki ya fi amfana da dafaffe, ɗanyen kuma yana iya kawo gudawa. Kuɗin wannan haɗi na rana ɗaya zai sayi gyaɗar kwanaki.

Ɗan yayata dako ya ishe shi motsa jiki. Ɗalibi ko tela ko mai jiran shago shi ne ke bukatar ƙari: sau uku a mako, ya durƙusa ya miƙe riƙe da jarkar ruwa, ya kwanta rub da ciki ya ɗaga jikinsa da hannuwa, ya ɗaga jarka daga ƙasa zuwa ƙugu da bayansa a miƙe. Kowanne sau takwas zuwa goma sha biyu, a huta, a maimaita sau uku. Idan ya yi sauƙi a ƙara ruwa a jarkar, lita ɗaya kilo ɗaya ce. Doguwar tsere da ƙwallon kowace yamma a rage su a wannan lokaci. Tef ɗin tela zai nuna inda ƙarin ke tafiya: a auna ƙugu daidai cibiya sau ɗaya a wata, kada ya kai rabin tsawon mutum. Ga mai santimita 172, iyakar 86 ce. Wanda ciwon suga ke danginsu ya cire sugan daga lissafin, ya cike gurbin da gyaɗa ko riɗi.

Mata duk wannan lissafi nasu ne, sai abu biyu. Mai shayarwa nonon da take bayarwa kaɗai yana cin kusan kalori 500 a rana, don haka rararta sai ta ɗora a kan wannan, shi ya sa kunun kanwa tsararo ba ya mayar da mai jego. Wadda kuma al'adarta ta ɗauke saboda rama, ko take ƙin abinci don tsoron ƙiba, ko damuwa ta hana ta ci, ta ga ma'aikaciyar lafiya tukuna.

Ledar da na karɓe

Ƙwayoyin nan su ne ake kira sha-ka-fashe, kuma amare da 'yan mata sun fi kowa shan su gab da biki. Yawanci iri biyu ake haɗawa. Ɗaya maganin ƙaiƙayi da mura ne mai buɗe ciki, yana sa barci da kasala, mai tuƙa babur da ya sha shi yana wasa da ransa. Ɗayan, deksametazon ko ɗan'uwansa firednisolon, shi ne mugun. Magani ne na gaske da likita ke bayarwa don asma da kumburi, na ƙayyadadden lokaci. Idan aka daɗe ana sha yana tara ruwa da gishiri a jiki, ya kwashe kitse ya kai fuska da wuya da ciki, ya cinye naman cinya da damtse. Ana gane mai shan sa daga nesa: fuska ta yi zagaye kamar faranti, ƙafafu sirara, nankarwa ja-ja a ciki da cinya, ƙuraje. A ciki kuma suga da hawan jini suna tashi, ƙashi yana yin rauni, gyambon ciki yana iya fashewa, garkuwar jiki ta faɗi. Mai tarin fuka da bai san yana da shi ba, ya ga yana ramewa ya sayi wannan, ya ba cutar ƙofa.

Wanda ya riga ya yi makonni yana sha kada ya yanke rana ɗaya. Jiki yakan daina yin nasa sinadarin idan ana ba shi na waje, yankewa farat ɗaya na iya sa jini ya faɗi mutum ya suma. A tafi da ledar asibiti a nuna, a bari likita ya rage shi mataki-mataki.

Ko ba a sha komai ba, nauyin da ya ƙaru da kilo biyu cikin mako guda abin tuhuma ne. A danna ƙauri da babban yatsa na ɗan lokaci a cire. Idan gurbin yatsan ya zauna, ruwa ne, kuma zancen ƙoda ko zuciya ko hanta ne.

Bayan an ƙara fura sikelin yaron ya ci gaba da tafiya. A mako na goma sha shida ya taka 55. Azumi ya zo ya ci masa kusan kilo ɗaya, duk da ya mayar da kunun gyaɗa sahur, fura kuma bayan tarawihi, ya dawo da shi cikin mako uku bayan salla. Da wata shida suka cika yana 57, lissafinsa ya zama 19.3, ƙugunsa bai kai ko kusa da iyaka ba. Daga nan muka janye cokalin man rana da sugan dare, muka bar kunun safe da gyaɗar aljihu, yana hawa sikeli sau ɗaya a wata. Idan ya ga ya sauka da kilo ɗaya ya san abin da zai mayar. Da ruwan farko ya sauka kuma, tun kafin a fara huɗa, yayata ta sake jiƙa waken suya.